Bashin da Ya Tsufa: Nawa Ne Zai Dawo?

Dilan shinkafa da sukari a Kasuwar Singa ta Kano ba ya rabuwa da bayar da kaya bashi. Matsalar tana zuwa ne ranar rufe littafi a ƙarshen shekara, lokacin da zai ƙirga duk abin da yake bin mutane a matsayin dukiyarsa, alhali wani ɓangare ba zai taɓa dawowa ba. Maganin da akantoci suke yi shi ne tanadin bashi mai shakku, kuma ana fitar da shi ne ta hanyar duba tsufan kowane bashi.

A ɗauka dilan yana bin naira miliyan 10. Sai ya bi rasit ɗaya bayan ɗaya, yana ware su gwargwadon kwanakin da suka yi. Miliyan 6 ba su wuce kwana 30 ba, miliyan 2.5 suna tsakanin kwana 31 da 60, miliyan 1 tsakanin 61 da 90, sai 500,000 da suka haura kwana 90.

Kowane rukuni da nasa kason asara, kuma daga tsofaffin littattafansa zai samo shi, ba daga bakin maƙwabci ba: cikin basussukan da suka taɓa kaiwa wannan tsufan, nawa ne suka salwanta? A ce ya samu kashi 1 cikin 100 a rukunin farko, 5 a na biyu, 20 a na uku, 50 a na ƙarshe. Lissafin ya ba da 60,000 da 125,000 da 200,000 da 250,000, jimla 635,000. Abin lura, ƙaramin rukunin nan na ƙarshe shi ya fi kowanne cin tanadi.

Idan bara ya riga ya yi tanadin 400,000, bambancin kawai, wato 235,000, zai cire daga ribar bana. Bashin kuma zai bayyana a littafi a matsayin 9,365,000. Ba kuɗi aka ɓoye a akwati ba, ba kuma yafe wa kowa aka yi ba. Ana ci gaba da bin kowa cikakken bashinsa.

Inda na fi ganin ana yin kuskure shi ne wajen rubuta biya. Kwastoma ya kawo 200,000, yaron shago ya haɗe tsohon bashi da sabon kaya a rasit ɗaya mai kwanan watan yau. Nan take bashin wata huɗu ya koma ɗan kwana biyar, tanadin ya ragu a banza. Alamarsa ita ce mutumin da kullum yake biya amma jimlar bashinsa ba ta sauka. Shi kuwa wanda aka san shagonsa ya ƙone ko ya gudu, a fitar da shi daga jadawalin, a yi wa bashinsa tanadi shi kaɗai, ko da jiya ya karɓi kayan.