Kafin ki sake shafa bilicin a gashinki, ki ja sili ɗaya tukuna

A ce saura kwana goma bikin ƙawarki, kin ga wani launin ruwan zuma a TikTok ya shiga ranki. Gashinki baƙi ne, kin sa rilaksa wata uku da suka wuce. Satin da ya gabata aka shafa miki bilicin a wurin gyaran gashi (na gashi nake nufi, ba na fata ba), sai ga kai ya fito ruwan goro. Mai gyaran ta ce ki dawo a ƙara zagaye ɗaya, zai yi haske. Launin kam zai yi haske, ba ta yi ƙarya ba. Abin tambaya shi ne ko gashin zai kai ranar bikin yana kanki.

Silin gashi kusan duk furotin ne da ake kira keratin. Daga waje yana da ɓawo mai hawa-hawa kamar jeren kwanon rufi, da ɗan maiƙo na halitta a samansa. A ciki kuma akwai zaruruwan furotin da sinadarin da ke ba gashi baƙinsa. Abin da ke riƙe zaruruwan nan ƙulli ne kala biyu da ya kamata ki sani. Akwai masu rauni, waɗanda ruwa ke kwancewa su sake ɗaurewa idan gashi ya bushe, shi ya sa kalaba ke barin lanƙwasa bayan tsifa amma wanki ɗaya ya share ta. Akwai kuma masu ƙarfi na sinadarin salfa, su ne ginshiƙin gashin.

Bilicin gari ne da ake kwaɓawa da ruwan difelofa. Lambar da ke jikin robar ita ce ƙarfinsa: 20 na nufin kashi 6 cikin ɗari na feroksaid, 30 kashi 9, 40 kuma kashi 12. Haɗin yana kumbura silin, ya ɗaga ɓawon, ya shiga ya lalata sinadarin launi. Baƙin gashi ba ya tsallakawa kai tsaye zuwa haske: sai ya bi ta ja, ya zo ruwan goro, sannan ruwan ɗorawa. To amma bilicin ba shi da ido. Yana cin launi yana cin maiƙon waje, yana kuma tsinka ƙullin salfa, ya mayar da wasunsu wani abu daban da ba ya sake ɗaurewa. Gashi kuwa ba fata ba ne da zai warke. Abin da ya fito daga kai ya riga ya mutu, sabo kawai ke tsirowa, wajen santimita 1 a wata.

Nan ne matsalarki take. Rilaksa ma ƙullin salfan take karyawa don ta miƙar da gashi. Ke nan santimita 3 na gindin gashinki ne kawai sabo, duk sauran ya sha sinadari sau biyu. Kuma gashinmu mai murɗewa dama yana da rauni a kowace lanƙwasa.

Za ki ji ana ta maganar daidaita furotin da danshi. Ma'anarta mai sauƙi ce. Gashin da aka yi wa bilicin ya zama kamar soso, yana shan ruwa da sauri, yana sakinsa da sauri, balle a hunturu. Idan a jiƙe ya yi laushi fiye da kima, yana miƙewa ba ya komawa, ƙarfin cikinsa ne ya ragu. Irin wannan yana amfana da man da aka rubuta hydrolyzed keratin ko hydrolyzed wheat protein a jikinsa, wato furotin da aka farfasa ƙanana don ya maƙale a wuraren da suka rarake. Ƙwai da ake fasawa a kai ba ya wannan aikin, furotin ɗinsa ya yi girma, ga ƙarni. Idan kuma gashin ya yi tauri kamar tsintsiya, yana karyewa ƙas ba tare da ya miƙe ba, laushi yake nema: kondishina mai kauri na minti 20 zuwa 30, sannan ɗan man kaɗanya a rufe. Man kaɗanya shi kaɗai a busasshen gashi ba ya kawo danshi, riƙe wanda ke ciki yake yi. Masu lafta furotin kowane wanki su ma suna ƙarewa da gashi mai tauri, sau ɗaya a sati biyu zuwa huɗu ya isa yawancin mutane. Sai dai duka biyun faci ne, wanki kaɗan sun fita.

Sai magungunan gyaran ƙulli, waɗanda Olaplex ya fito da su kasuwa a 2014, daga baya irin su K18 suka biyo. An yi su ne don su shiga cikin silin su ƙarfafa zaruruwan, maimakon su tsaya a waje kamar kondishina. A ganina inda suka fi cancantar kuɗinsu shi ne lokacin aikin kansa, a zuba a cikin kwaɓin bilicin, a kuma bi da na bayan wanki. Suna rage ɓarna, gashi yakan rage karyewa. Amma ba sa mayar da gashin da ya narke yadda yake a da, kuma ba lasisi ba ne na shafa 40 sau biyu a sati ɗaya. Idan kin ga ana sayar da shi da araha sosai, ki yi shakka, akwai jabu.

Yanzu ga gwajin. Jiƙa gashin, ki ɗauki sili ɗaya daga ƙarshensa, inda ya fi shan wuya, ki ja a hankali. Lafiyayye zai ɗan miƙe ya koma. Idan ya yi ta miƙewa kamar cingam ya tsinke, ko kuwa gashin a jiƙe yana santsi kamar taliyar da ta wuce dahuwa, magana ta ƙare. Haka idan kina ganin guntaye gajeru a kafaɗarki bayan taza, marasa ɗan farin kai a gindi, karyewa ce daga tsakiya ba zubewa ba. Gashin da ke ɗaukar awanni bai bushe ba, ko wanda ke cukurkuɗewa da zarar ruwa ya taɓa shi, shi ma ya faɗa miki. Idan fatar kai na da ƙuna ko ƙuraje, ko kusa kada bilicin ya je wurin.

Ko da ya ci wannan gwajin, kada a fara da kai gaba ɗaya. A yanko ɗan tsagi daga ƙeya, a shafa masa haɗin 20, ana dubawa kowane minti 10, ba tare da wuce lokacin da aka rubuta a kwalin ba. A wanke, a sake ja. Kuma ki gaya wa mai gyaran gaskiya idan kin taɓa sa lalle ko baƙin rini a gashin. Jan lalle ba ya fita da sauƙi, wasu rinin kuma suna da gishirin ƙarfe da ke sa gashi ya yi zafi har ya narke idan ya haɗu da feroksaid.

A labarinmu, gashi mai rilaksa da bilicin na mako ɗaya, da wuya ƙarshensa ya tsallake. Abin yi shi ne a bar neman haske, a sa tona mai shuɗi-shuɗi da difelofa mara ƙarfi ta kashe ruwan goron, ya koma ruwan ƙasa mai kyau. A datse bakin da ya lalace, a ajiye abin miƙar da gashi mai zafi, kitson bikin ma a yi shi sakwa-sakwa. Jiran sati shida zuwa takwas da ake cewa a yi yana ba fatar kai hutu, ya kuma nuna miki ainihin ɓarnar, amma ranar da za ki koma, ki sake jan silin kafin a kwaɓa garin.