Farillan alwala a mazhabobi huɗu: jadawalin bita ga ɗalibai

A makarantun zaure na Tasawa da Mayahi, ɗalibi na tashi da Ahlari da Ishmawi, ya haddace cewa farillan alwala bakwai ne. Wannan ƙidayar Malikiyya ce, mazhabar da muke bi a nan. Hanafiyya huɗu suka ƙirga, Shafi'iyya da Hambaliyya kuwa shida-shida.

Dukansu sun haɗu kan abu huɗu da aya ta 6 ta suratul Ma'ida ta ambata: wanke fuska, wanke hannuwa zuwa gwiwar hannu, shafar kai, da wanke ƙafafu zuwa idon sawu. Ga inda suka rabu:

| Mas'ala | Malikiyya | Hanafiyya | Shafi'iyya | Hambaliyya |
|---|---|---|---|---|
| Niyya | farilla | sunna | farilla | sharaɗi |
| Shafar kai | duka | kashi ɗaya cikin huɗu | ko da kaɗan | duka, har kunnuwa |
| Jeranta gaɓoɓi | sunna | sunna | farilla | farilla |
| Rashin jinkiri tsakanin gaɓoɓi | farilla, in an tuna kuma da iko | sunna | sunna | farilla |
| Cuɗawa | farilla | ba farilla ba | ba farilla ba | ba farilla ba |

To, mu gwada shi da misali. Mutum ya yi alwala, ya sallaci azahar, sai can daga baya ya tuna bai shafi kansa ba, alwalar kuma ba ta karye ba. Sallar dai sai ya sake ta a wurin kowa. Bambancin yana wurin gyaran alwalar.

A Malikiyya, tunda mantuwa ce kuma an jima, zai shafi kan kaɗai da niyya, shi ke nan. Hanafiyya ma kan kaɗai zai shafa. A Shafi'iyya in ya shafi kan sai ya sake wanke ƙafafu, don dole su biyo bayan kai. A Hambaliyya kuwa alwalar zai sake daga farko, saboda gaɓoɓin sun bushe tuni.

Inda ake tuntuɓe shi ne a tsinci mai sauƙi daga kowane gida. Wanda ya shafi ƴan gashi kaɗan da hujjar Shafi'iyya, kuma ya fara da ƙafafu kafin fuska da hujjar Malikiyya, alwalarsa ba ta inganta a ko ɗaya cikin huɗun ba. Mazhabobi uku sun ce shafarsa ba ta kai ba, Shafi'iyya kuma ta ce ya karya jeri.

Don haka wajen aiki a bi jadawalin daga sama zuwa ƙasa, a gidan mazhaba ɗaya. Karanta shi a kwance na fahimtar saɓani ne, don kada ka ga wani alhaji a Makka ya shafi gaban kansa kawai ka ce ba shi da alwala.

Allah ya ƙara mana fahimta.