Gwaje-gwaje Uku da Ke Tona Asirin Manhaja

Kafin a buɗe shafin intanet ga jama'a, injiniyoyi kan yi masa gwajin lodi. Suna amfani da manhaja irin JMeter ko k6 su kwaikwayi adadin mutanen da ake sa ran za su shiga, a ce dubu biyu, na tsawon awa guda. Idan shafin ya amsa da sauri, an ci jarrabawa. Sai dai ranar lumana kawai aka gwada.

Gwajin matsi yana ƙara mutanen ne hawa-hawa, dubu uku, dubu biyar, har sai abin ya karye. Ana so a ga wane sashe ne ya fara gazawa, sau da yawa rumbun bayanai, da kuma yadda ya gaza. Shafin da ya ce wa wasu su dakata ya fi wanda ya cire kuɗin mutum bai rubuta cinikin ba. Bayan an rage lodin kuma, a duba ko zai farfaɗo da kansa.

Gwajin ambaliya ba yawa yake aunawa ba, sauri yake aunawa. Mutum ɗari su zama dubu goma cikin daƙiƙa talatin, kamar lokacin da aka saki sakamakon jarrabawa. Tsarin da ke ƙaro sabobi da kansa yakan ɗauki mintuna kafin sababbin su fara aiki, a tsakanin nan kuwa kowa na sake dannawa, cunkoson na ninkuwa.

Wanda aka fi tsallakewa, kuma a ganina ya fi muhimmanci, shi ne gwajin jiƙo: lodi na yau da kullum, amma a bar shi awa 24 ko kwana uku. A ɗauka manhaja tana karɓar buƙata 50 a daƙiƙa, kowace kuma tana barin kilobayit ɗaya a memori ba a share ba. A awa guda megabayit 180 ne kacal, ba wanda zai lura. Amma sabar da ke da sararin gigabayit 4 za ta cika cikin kusan awa 22, ta tsaya da tsakar dare, a kunna ta, gobe ta maimaita.

Shi ma jiƙon yana da iyaka. A 2015 hukumar jiragen sama ta Amurka ta yi gargaɗi cewa na'urorin da ke kula da janaretocin Boeing 787 za su iya katse wutar jirgin idan suka yi kwana 248 a kunne, saboda wani ma'aunin lokaci a manhajarsu zai cika ya tumbatsa. Ba kamfanin da zai jira wata takwas yana gwaji. Don haka ba faɗuwa ake jira ba. Ana zuba ido kan jadawalin memori da na hanyoyin da aka buɗe zuwa rumbun bayanai. Idan layin na hawa alhali lodi bai canja ba, sai a lissafa ranar da zai kai ƙarshe, a nemo inda yake yoyo.