Ƙwallon Tebur: Abubuwan Mamaki Game da Juyin Ƙwallo

Nauyinta giram 2.7 ne kacal, faɗinta milimita 40, amma ƙwallon ping-pong ta sa ƙarti da yawa sun riƙe baki. Ga kaɗan daga cikin halayenta, don matasan Diffa masu taruwa gaban tebur bayan la'asar.

Mai juyin gaba tana nitso tun a iska. Idan aka shafi bayanta zuwa sama da raket, sai ta tafi tana birgima kamar tayar keke, ta lanƙwaso ƙasa da wuri, tana taɓa tebur kuma ta zabura gaba. Shi ya sa ake iya dukanta da ƙarfi ba ta wuce teburin da tsawonsa bai fi mita 2.74 ba. Wani Bajamushe, Heinrich Gustav Magnus, ya yi bayanin wannan lanƙwasa a 1852. In ka tare ta da raket a tsaye, sama za ta tashi ta fita. Kife fuskar raket ɗin ta kalli tebur, ka taɓa ƙwallon daga samanta; gwargwadon ƙarfin juyin, gwargwadon kifewar.

Mai juyin baya tana iya komawa wurin mai ita. Ana yankan ƙasanta, sai ta taho tana shawagi, ta ja birki a kan tebur. Gwani yakan yi sabis gajere, ƙwallon ta tsallake raga, ta yi tsalle biyu ko uku, ta juyo da kanta. Wanda ya tare ta a tsaye, cikin raga zai gan ta, alhali tsayin ragar santimita 15.25 ne kawai. Maganinta a kwantar da raket fuskarsa ta kalli sama, a tura shi ƙarƙashin ƙwallon kamar mai kwasar ƙosai da matsami.

Juyin gefe kuwa, shi ne ya fi ruɗarwa, domin tebur ba ya tona masa asiri. In tsantsarsa ne, ƙwallon tana juyi ne a tsaye kamar katantanwar yara, saboda haka tsallenta kusan bai bambanta da na kullum ba. A iska take karkata, a kan raket kuma take yin aika-aikarta. A ce mai buga da hannun dama ne a gabanka, ya ja raket ɗinsa daga damarsa zuwa hagunsa, wato ta wajen cikinsa, ya shafi bayan ƙwallon. Za ka ga ta karkato zuwa hagunka. Amma tana taɓa robarka, damarka za ta nufa, ta bar teburin ta gefe. Dalili shi ne fuskar ƙwallon da ke kallonka hagu take gudu, roba ta cafke ta, sai ta ture ta dama. To, karkata raket ɗinka ya kalli hagunka, wato wajen da hannunsa ya faro. Wannan ƙa'ida ita ce na fi so kowane ɗan koyo ya haddace: inda raket ɗinsa ya taso, can za ka auna.

Don haka hannun mai sabis ake kallo. Tun 2002 hukumar ITTF ta hana ɓoye ƙwallo da jiki ko hannu lokacin sabis, kuma dole a cilla ta sama aƙalla santimita 16.

Akwai roba mai dogayen ƙuraje da ke mayar maka da juyinka: ka aika juyin gaba, ya dawo maka juyin baya. Saboda irin wannan bambanci ne aka wajabta launi biyu a raket, ɗaya baƙi, don abokin karawa ya san gefen da aka buga.

Tushen abin duka roba ne. A 1952, a Bombay, Hiroji Satoh na Japan ya zo da raket mai soso ya lashe gasar zakarun duniya, wasan ya canza kama. Juyin gaba mai ƙarfi na hannun dama shi ne makamin Quadri Aruna na Najeriya, wanda ya doke Timo Boll a Rio a 2016, ya zama ɗan Afirka na farko da ya shiga cikin takwas na ƙarshe a wasan ƙwallon tebur na Olamfik.

A nan bakin Komadugu, babban abokin gabar juyi ƙurar hunturu ce. Da ta kwanta a kan roba, ƙwallo sai ta riƙa zamewa, bugun da ya kamata ya haye raga ya faɗa ciki. Gwajin mai sauƙi ne: goga ƙwallo a kan robar da yatsa. In ta cije, lafiya lau. In ta sulale, a share da tsumma mai ɗan laima. Zafin rana ma yana busar da roba ta yi santsi, kada a bar raket a kan sirdin babur.

Ɗan'uwa, sami ƙwallo ɗaya ka zagaye ta da layin biro, ka ce abokinka ya yi maka sabis ashirin. Ka riƙa faɗin juyin da baki kafin ka taɓa ta.