Mai jego a gado, ɗalibi a gaban farfesa: yadda ake jarrabawar likita a ɗakin majinyata

Duk wanda ya taɓa jinya a babban asibitin koyarwa, ko na Malam Aminu Kano, ko na Shika, ko na Sakkwato ko Maiduguri, mai yiwuwa ya ci karo da wata safiya da ɗakin majinyata ya canza kama. An ja labule a kewaye da wasu gadaje, an kwashe fayil-fayil an ɓoye, an roƙi masu jinya su ɗan fita waje, ga samari da 'yan mata cikin farar riga suna zirga-zirga ba mai ko murmushi. Ranar jarrabawar ɗaliban likitanci ce, wadda su a bakinsu suke kira lon kes. Ana haɗa ɗalibi da majinyacin da bai taɓa gani ba, a ba shi lokacin da bai cika wuce awa guda ba ya yi tambayoyi ya duba jiki, sannan manyan likitoci, galibi har da baƙo daga wata jami'a, su zo su tsaya a kansa ya faɗi abin da ya gano. Daga nan kuma sai titsiye.

Jami'o'i da dama sun ƙara da wani tsarin, wanda Ronald Harden da abokan aikinsa suka gabatar daga Dundee ta ƙasar Sukotlan a 1975, inda ɗalibi ke zagaya tashoshi yana 'yan mintoci a kowace. Amma tsohuwar hanyar ba ta mutu ba, domin ita ce ta fi kama da aikin likita na zahiri.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi. A ce ɗalibi ya tarar da mace 'yar shekara 24, haihuwarta uku, ta ƙarshe mako shida da suka wuce. Tana zaune an tokare ta da matashi uku, ƙafafu a kumbure, magana tana yi tana hutawa. Ɗalibin da ya san abin da yake yi zai gaishe ta, ya nemi izini, ya bar ta ta faɗi damuwarta da bakinta. Za ta ce haki ne da kumburi, mako uku ke nan. Daga nan aikinsa shi ne ya tatsi labarin: da farko hakin sai ta ɗebo ruwa ne ko ta yi shara, yanzu ko tana zaune? In ta kwanta rigingine numfashi na sarƙewa? Tana farkawa tsakar dare tana neman iska? Kumburin daga ƙafa ya faro ko daga fuska? Wannan ta ƙarshe ba tambayar cike gurbi ba ce: kumburin zuciya yakan fara daga ƙafa, na ƙoda kuwa sau da yawa a fuska ake fara ganinsa da safe.

Sai tambayoyin da amsarsu "a'a" take da daraja kamar "i". Ta zubar da jini da yawa wajen haihuwa? An ce mata jininta ya hau a awon ciki? Tana yarinya ta yi ciwon gaɓoɓi da zazzaɓi, ko an taɓa ce mata tana da ciwon zuciya? Akwai tari mai jini ko ciwon ƙirji na farat ɗaya? Kowace "a'a" tana rufe wata ƙofa: ƙarancin jini, hawan jini, lalacewar marfin zuciya tun yarinta, gudan jini a huhu. A nan ɗalibai da yawa ke yin sakaci. Suna tara abin da majinyaciya take da shi, su manta da abin da ba ta da shi, alhali mai jarrabawa da shi yake gane ko ɗalibi ya yi tunani ko kuwa jerin tambayoyi kawai ya haddace.

Wajen duba jiki, zai ƙirga bugun jini minti cikakke, ya auna jini da hannunsa, ya kishingiɗar da ita a tsaka-tsakin zama da kwanciya ya dubi jijiyar wuya ko ta cika ta taso. Zai lalubi inda kan zuciya ke bugawa. A mai lafiya yana tsakanin haƙarƙari na biyar da na shida, daidai layin tsakiyar ƙashin wuya na hagu. A wannan baiwar Allah ya zarce ƙasa ya karkata wajen hamata, alamar zuciya ta buɗe. A ce ya samu bugu 112 a minti, awon jini 100 bisa 70, ƙarar ruwa a gindin huhu biyu, hanta ta sauko tana ciwo in an taɓa.

Mintoci goma na ƙarshe ba na majinyaciya ba ne, na takarda ne, kuma wanda ya cinye su wajen tambaya ya cuci kansa. A cikinsu ake tsara jawabi, a rubuta taƙaitawa, a jera cututtuka biyu ko uku da ake zargi, a yi hasashen inda tambaya za ta ɓullo. Taƙaitawar ita ce ƙashin bayan komai. Jimla biyu ko uku ce: "Na gabatar da mace mai shekara 24, mai haihuwa uku, mako shida da haihuwa, wadda ta zo da haki da kumburin ƙafa na mako uku, ba tarihin hawan jini ko ciwon zuciya, kuma na samu alamun gazawar zuciya ta ɓangarorin biyu. Abin da na fi zargi shi ne raunin naman zuciya na jego." Da Turanci ake faɗinta, ko da yake da Hausa aka ɗauki labarin, kuma ɗalibin da ba ya jin Hausa akan ba shi tafinta, abin da ke ƙara cin lokacinsa.

A nan farfesa zai ɗago kai. Tambayarsa ta farko kusan kullum ita ce "me ya sa?" Me ya sa ba ƙarancin jini ba? Amsa mai kyau daga gadon take fitowa, ba daga littafi ba: idonta da tafin hannunta ba su yi fari ba, ba ta zubar da jini ba, amma zan tabbatar da gwajin jini. Yaya za ka tabbatar da zarginka? Da hoton zuciya na eko, wanda ke nuna kason jinin da ɗakin hagu na zuciya ke turawa a kowane bugu. A mai lafiya ya haura kashi 50 cikin 100. A wannan ciwo yana ƙasa da 45, kuma sai an rasa wani dalilin kafin a ɗora masa.

Tun da a arewa ake, da wuya a tashi ba a taɓo wankan jego ba. A shekarun 1970 Davidson da Parry sun yi bincike a Zariya inda suka ba da rahoton gazawar zuciya bayan haihuwa a wajen mace ɗaya cikin ɗari, adadin da ya girgiza masana a duniya, suka kuma danganta shi da wankan ruwan zafi, kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da kunun kanwa. Farfesa zai iya tambaya, me ke cikin kanwa? Mai gaggawa zai ce fotashiyam, ya faɗa rami. Mafi yawanta gishirin sodiyam ne, shi ke riƙe ruwa a jiki ya ƙara wa zuciya kaya. Ɗalibin da ya yi karatu zai ƙara da cewa binciken baya-bayan nan, musamman na Farfesa Kamilu Ƙaraye da abokan aikinsa a Kano, bai tabbatar da cewa al'adun su ne tushen ciwon ba, ya fi karkata ga abubuwa irin su rama, hawan jinin ciki da ƙarancin sinadarin seleniyam. Irin wannan amsa tana burge mai jarrabawa, amma da sharaɗi: duk abin da ka ambata da bakinka, ka ba shi izinin ya bi ka cikinsa. Kada ka ce seleniyam in ba ka shirya faɗin aikinsa a jiki ba.

Inda ake faɗuwa da gaske shi ne magani. "Ƙarfe biyun dare ne, kai kaɗai ne a ɗakin, me za ka yi mata?" Ana so a ji tsari: a zaunar da ita, a ba ta iskar oksijin in tana buƙata, a yi mata allurar furosemid don fitar da ruwa, a riƙa auna fitsari da nauyinta. Sai farfesa ya juya tambayar: da a ce har yanzu cikin yana jikinta fa, za ka ba ta enalafiril? Wanda ya ce i ya gama wa kansa, domin wannan rukunin magani yana lalata ƙodar ɗan tayi. Bayan haihuwa ne ake ba da shi. Ya sake juyawa: ka haɗa furosemid da digokzin, sai ta fara amai, bugun zuciya ya rikice, me ya faru? Furosemid ya zubar da fotashiyam, ƙarancinsa kuma yana sa digokzin ya zama guba. In ta wayi gari ɓarin jiki ya shanye? Gudan jini ne ya taru a zuciyar da ba ta matsawa sosai, ya ɓalle ya tafi ƙwaƙwalwa. Mijinta ya tambaye ka yaushe za ta sake ɗaukar ciki? Wannan tambaya ce da yawanci ba a shirya mata ba, amsar kuwa ita ce in zuciyar ba ta farfaɗo ba sabon ciki na iya zama ajalinta, ko ta farfaɗo ma ciwon na iya dawowa, don haka zancen tazarar haihuwa yana cikin magani.

Jama'a, har da ɗaliban kansu, suna ɗaukar tsananin tambaya a matsayin mugunta. Ba a rasa mai jarrabawa mai son a ji tsoronsa, amma a ganina galibi ba haka abin yake ba. Tambaya takan ƙara wuya ne in ɗalibi yana ci, ana neman iyakarsa don a ga ko ya kai a ba shi yabo. Wanda aka koma ana tambayarsa abubuwa masu sauƙi ana maimaitawa, shi ne ke bakin rami ana miƙa masa igiya. Idan farfesa ya ce "ka tabbata?", to a tsaya a sake tunani: in akwai hujja a faɗe ta cikin ladabi, in babu a janye nan take. Cewa "ban sani ba, ranka ya daɗe, amma zan kira babbana" ba ya kayar da mutum a tambaya mai zurfi. Abin da ke kayarwa biyu ne. Na farko amsar da za ta kashe majinyaci. Na biyu ƙarya: ɗalibi ya ce ya ji wata ƙara a zuciya don littafi ya ce ana jinta, ko ya faɗi awon jinin da bai auna ba. Masu jarrabawa sun riga sun duba matar kafin ya shigo, kuma abu ne mai sauƙi a ce masa "zo ka nuna mana."

Tsarin yana da aibinsa. Wani ya dace da majinyaci mai bayani tiryan-tiryan, wani a haɗa shi da dattijon da ba ya ji sosai, kuma sakamakon shekaru ya rataya a kan gado ɗaya. Dalilin da ya sa ake haɗa shi da wasu gwaje-gwajen ke nan. Shiri kuwa ba a ɗakin karatu ake yinsa ba: a ɗauki majinyaci sabo, a sa agogo, a gabatar da baki a gaban likitan da ya girme ka, a roƙe shi ya katse ka ya matsa maka lamba, a maimaita har harshe ya saba.

Kai kuma mai karatu, in wata rana kana kwance aka nemi ka zama majinyacin jarrabawa, kana da ikon ka ƙi, kuma ƙin bai kamata ya taɓa kulawar da ake ba ka ba. In ka yarda, ka ba ɗalibin labarinka yadda yake, har da jiƙon da ka sha da maganin da ka saya a kemis, domin a kan abin da ka faɗa masa za a titsiye shi.