Karkatar Layi da Wuraren da Yake Juyawa

Miƙaƙƙen layi karkatarsa ɗaya ce daga farko har ƙarshe. Lanƙwasasshen layi kuwa kamar hanyar da ta ratsa tuddai yake: nan hawa, can gangara, kowane wuri da tasa karkatar. Reshen lissafin da ke auna wannan karkata a kowane ɗigo shi ne kalkulas, wanda Newton da Leibniz suka kafa a ƙarni na 17. Alamar dy/dx da ake rubuta karkatar da ita daga Leibniz ta fito.

Idan lissafin layin folinomiyal ne, wato jerin gaɓoɓi irin su x³, 6x² da 9x, ƙa'idar mai sauƙi ce. Ana ɗauko ƙaramar lambar da ke bisa kan x a ninka gaɓar da ita, sannan a rage wa lambar ɗaya. Da haka x³ ke komawa 3x², 6x² ta koma 12x, 9x kuma ta koma 9. Lambar da ke tsaye ita kaɗai takan zama sifili, domin ɗaga layi sama kawai take yi, ba ta taɓa karkatarsa. Kowace gaɓa ana yi mata nata aikin daban.

A ɗauki y = x³ − 6x² + 9x + 1. Bisa ƙa'idar, dy/dx = 3x² − 12x + 9. Inda x = 0 karkatar 9 ce, layin yana hawa sosai. Inda x = 2 kuwa ta zama −3, alamar ragi tana nuna gangara. Ke nan a tsakanin wuraren biyu layin ya juya.

A daidai wurin juyawa layi ba ya hawa, ba ya sauka, don haka karkatarsa sifili ce. Da yake 3x² − 12x + 9 daidai yake da 3(x − 1)(x − 3), sifili na faɗowa a x = 1 da x = 3. Tsayin layin a waɗannan wurare daga lissafin asali ake samo shi, ba daga dy/dx ba, kuma nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe. Wuraren su ne (1, 5) da (3, 1).

Saura a bambance ƙololuwa da kwari. Maimaita ƙa'idar a kan dy/dx na ba da d²y/dx² = 6x − 12. A x = 1 amsar −6 ce: karkatar na raguwa, hawa na komawa gangara, saboda haka (1, 5) ƙololuwa ce. A x = 3 amsar 6 ce, wurin kwari ne.

Sai dai karkatar sifili ba kullum take nufin juyawa ba. Layin y = x³ yana kwantawa a x = 0, sannan ya ci gaba da hawa. Layin y = x⁴ kuwa kwari gare shi a nan, alhali a duka biyun d²y/dx² sifili ce. Idan gwajin ya ba da sifili, abin dogaro shi ne a duba alamar dy/dx dab da wurin, hagu da dama. In alamar ta sauya, layin ya juya. In ba ta sauya ba, kwantawa kawai ya yi ya wuce.