Muryar da ba ma rubutawa

Furta kalmar "kuka" sau biyu: kukan jariri, sannan kukar miya. A na farko gaɓoɓin biyu duk a sama suke, a na biyu gaɓar ƙarshe ta sauka. Wannan hawa da saukar murya shi ake kira karin sauti, kuma Hausa, kamar Yarabanci da Sinanci, tana bambanta ma'ana da shi.

Karin sama da karin ƙasa a tsaye suke, ba sa motsi cikin gaɓa. Karin faɗau kuwa zamewa yake yi. Gwada "kai ne" da "ciwon kai": a na biyu muryar ta fara daga sama ta gangaro cikin gaɓa guda.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda maƙwabci ke sauya kari. A Sinancin Mandarin, idan kari na 3 ya biyo ɗan'uwansa, na farkon sai ya koma kari na 2. Mu ma muna da wani abu makamancin haka. Ka ce "yaro ne", sannan "jaki ne". Ƙarshen "yaro" ƙasa ne, sai "ne" ta hau. Ƙarshen "jaki" sama ne, sai ta sauka.

Yanzu rufe baki ka yi gunjin "Musa ya tafi gida". Bayan saukar "ta", karin saman "gida" ba ya kai na "Musa" tsayi. A harshen Tiwi na Gana, gaɓar ƙasan kan ɓace ɗungum, amma karin saman da ke biye ya ci gaba da zama a matakin da ya sauka.